Yadda ake cike gurbin albashi a fom ɗin neman aiki in ba ka san adadin da ya dace ba

Ka cike suna, ka cike makarantu, ka ɗora takardunka, sai ka iso wani ƙaramin gurbi da aka rubuta `Expected salary` ko `Desired salary` da jan tauraro a gefensa, alamar fom ɗin ba zai wuce ba sai ka sa wani abu. A nan mutane da yawa ke tsayawa. Wani ya ji tsoron ya faɗi da yawa a ajiye takardarsa gefe, sai ya rubuta abin da ko kuɗin mota da abinci ba zai ishe shi ba. Wani kuma ya tuna wani adadi da ya taɓa ji a majalisa ya zuba, bai san na wata ne ko na shekara ba. Duka biyun canka suka yi, kuma abin da nake so in nuna shi ne wannan adadi ba cankarsa ake yi ba, haɗa shi ake yi da lissafi, kuma yamma ɗaya ta isa.

Domin maganar ta zauna, mu bi misalin wata akanta mai shekara 3 tana aiki a wani kamfanin rarraba kaya a Kano, kuɗin da ke shigo mata a wata naira 180,000. Ta ga tallar aikin jami'ar kuɗi a wani kamfani mai zaman kansa a Abuja, ba a faɗi albashi ba, fom ɗin kuma yana neman adadi. Kuɗaɗen da zan sa mata na misali ne, kowa ya cire ya sa nasa. Kason haraji da na fansho kuwa na doka ne.

Da farko, karanta abin da gurbin yake tambaya

Kafin ka yi tunanin ko nawa, duba abu uku a jikin gurbin. Na wata ake nufi ko na shekara? In ka ga `per month` ko `monthly`, na wata ne. In ka ga `per annum` ko `annual`, na shekara ne. Manyan kamfanoni, bankuna da ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa sun fi lissafi da shekara, ƙananan kamfanoni da makarantu masu zaman kansu sun fi yi da wata. Wanda ya rubuta 450000 a gurbin shekara ya ce a biya shi 37,500 a wata, abin da bai ma kai mafi ƙarancin albashi na ƙasa ba, wato naira 70,000 da aka sanya wa hannu a Yulin 2024. Mai tace takardu zai iya gane kuskure ne, amma ga mai neman aikin akanta wannan kuskure ne mai tsada.

Abu na biyu, da wane kuɗi? Yawanci naira ce, amma wasu fom ɗin da aka tsara daga waje suna zuwa da `USD` a zaɓe, sai ka canza da kanka.

Na uku shi ne wanda ya fi cin mutane: `gross` ne ko `net`? Na farkon shi ne jimillar albashi kafin a cire komai. Na biyun shi ne abin da zai faɗo a asusunka bayan an cire haraji da fansho. Mu masu neman aiki da alat muke tunani, domin shi muke gani a waya. Ofishin ɗaukar ma'aikata kuwa da jimilla yake tunani, domin ita ce a kasafinsa. In gurbin bai fayyace ba, ka ɗauka jimilla suke nufi. 'Yan'uwa a Nijar da Kamaru da Chadi za su ga `prétentions salariales` tare da `brut` da `net`, kuma ma'anar ɗaya ce, sai dai lissafin cirewar na ƙasarsu ne.

Sai ka fitar da adadin da ba za ka iya sauka ƙasa da shi ba

Wannan adadi naka ne kai kaɗai, ba za ka rubuta shi a fom ba, ba kuma za ka faɗa wa kowa a kamfanin ba. Amfaninsa shi ne ya hana ka karɓar aikin da zai jefa ka cikin bashi. Ɗauki takarda ka rubuta abin da rayuwa za ta ci a wata a garin da aikin yake, ba garin da kake yanzu ba.

Akantarmu a Kano a gidan iyayenta take, ba ta biyan haya, kuma a-daidaita ɗaya ke kai ta wurin aiki. Abuja wata duniya ce daban. Ta tambayi 'yar'uwarta da ke zaune a Kubwa, ta samu cewa ɗaki mai banɗaki da kicin a ciki irin wanda za ta iya zama zai ci mata, mu ce, 900,000 a shekara, wato 75,000 a wata. Ta sa kuɗin mota zuwa cikin gari da dawowa 55,000, abinci 80,000, wuta da ruwa da gas da data 30,000. Tana tura wa gida 30,000 duk wata, kuma ba ta da niyyar dainawa. Ta ware wasu 30,000 na ajiya da rashin lafiya da zuwa gida da salla. Jimilla 300,000.

Ina roƙon kada a tsallake layin tura wa gida da na ajiya don a ga adadin ya yi kyau. Wanda ya san iyaye ko ƙanne suna jiran wani abu daga gare shi, wannan kuɗi wajibi ne kamar haya, kuma in bai sa shi a lissafi ba daga cikin kuɗin abincinsa zai fita. Haka nan a tuna cewa a Abuja haya ta shekara ake biya gaba ɗaya, ga kuɗin dillali da na yarjejeniya a kai. Wannan ba ya shiga lissafin wata, amma yana nufin sai kana da dunƙulallen kuɗi kafin albashin farko ya shigo, kuma tambaya ce da za ka ajiye wa ranar ganawa: ko suna taimakawa da kuɗin ƙaura?

To, ta san tana buƙatar 300,000 su faɗo asusunta. Kuskuren da ke jiranta a nan shi ne ta je ta rubuta 300000 a gurbin.

Mayar da kuɗin hannu zuwa jimillar albashi

A nan zan daɗe, domin a nan kuɗin ke zurarewa. Abu biyu ne manya ake cirewa daga albashin ma'aikacin kamfani a Najeriya. Na farko fansho: Dokar Fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci yana ba da aƙalla kashi 8 cikin 100, mai aiki kuma ya ƙara aƙalla kashi 10 daga aljihunsa. Ana lissafa shi a kan tushen albashi da alawus na gida da na sufuri. Domin kada ka ruɗi kanka, lissafa kashi 8 ɗin a kan duka albashin. In ya zo ƙasa da haka, ribarka ce.

Na biyu harajin albashi. A ƙarƙashin Dokar Haraji ta 2025, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kansu. Miliyan 2.2 da ke biye ana cire kashi 15, miliyan 9 da ke bayansu kashi 18, daga nan kason ya ci gaba da hawa har zuwa 25. Kafin a fara lissafin ana cire kuɗin fansho, ana kuma yi wa mai biyan haya rangwamen kashi 20 na hayarsa ta shekara, amma bai wuce naira 500,000 ba.

Mu ga abin da zai faru in ta rubuta 300,000 suka ɗauke shi a matsayin jimilla. A shekara miliyan 3.6 ke nan. Fansho ya ɗauki 288,000. Rangwamen haya 180,000 ne, tunda hayarta 900,000 ce. Abin da za a yi wa haraji ya zama 3,132,000. Na farko 800,000 sun wuce kyauta, miliyan 2.2 sun jawo 330,000, ragowar 132,000 sun jawo 23,760. Harajin shekara 353,760. In aka cire fansho da haraji daga miliyan 3.6, saura 2,958,240, a raba gida 12, ya ba da kusan 246,500 a wata. Ita da ke buƙatar 300,000, ga ta da giɓin sama da 53,000 duk wata, kusan kuɗin motarta gaba ɗaya. Kuma ba za ta iya cewa an zalunce ta ba, abin da ta rubuta da hannunta aka ba ta.

Hanyar gyara ita ce ka riƙa gwada adadi kana hawa har abin da ya rage ya kai buƙatarka. Ta gwada 370,000 a wata, ta tarar abin da zai shigo 299,300 ne, ya gaza kaɗan. Ta gwada 380,000:

```
380,000 × 12                 = 4,560,000
fansho 8%                    =   364,800
rangwamen haya               =   180,000
abin yi wa haraji            = 4,015,200
haraji 330,000 + 182,736     =   512,736
saura a shekara              = 3,682,464
saura a wata                 =   306,872
```

Ke nan iyakarta ta ƙasa a harshen kamfani 380,000 ce, ba 300,000 ba. Tazarar 80,000 ce tsakanin adadin da ke kanta da adadin da ya kamata ta riƙe. In lissafin ya yi maka nauyi, kai wa wani akanta ko mai shirya albashi a wurin aikinka, minti kaɗan zai ɗauke shi. In kuma kana cikin tsarin asusun gidaje na ƙasa, ko ana cire maka kuɗin ƙungiyar ƙwadago ko na gamayya, ƙara su a lissafin.

Yanzu ka nemo abin da ake biya a irin aikin

Buƙatarka ba ita ce farashin aikin ba. Kamfani ba ya biyan ka don hayarka ta yi tsada, yana biya ne gwargwadon abin da ya ware wa kujerar da abin da takwarorinsa ke biya. Don haka sai ka nemo adadi na biyu daga waje.

Fara da tallar aikin kanta, ka sake karanta ta a hankali. Shekara nawa na gogewa suke nema? Wa za ka riƙa kai wa rahoto? Akwai mutane a ƙarƙashinka? Sunan kujera kaɗai ba ya faɗin komai: jami'in kuɗi a kamfanin mutum 12 da jami'in kuɗi a kamfanin sadarwa suna ɗaya ne, albashi kuwa ko kusa. Daga nan ka shiga shafukan tallar aiki irin su Jobberman da MyJobMag da LinkedIn, ka nemi aiki iri ɗaya, a gari ɗaya, a kamfani mai girman da ya yi kusa, ka ware tallace-tallacen da suka faɗi albashi. Ba su da yawa, amma ana samu. Glassdoor da MySalaryScale suna tara abin da ma'aikata suka rubuta da kansu. Duba su, amma ka lura da shekarar da aka rubuta da kuma mutum nawa suka rubuta.

Maganar shekara ba ƙarama ba ce. An cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, aka saki naira a watan da ya biyo baya, hauhawar farashi kuma ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024. Alawus ɗin masu bautar ƙasa ma ya tashi daga 33,000 zuwa 77,000. Duk adadin da ka samo na 2021 ko 2022 ya tsufa, kada ka gina komai a kansa. Sai dai a yi adalci: albashi bai hau da saurin da kaya suka hau ba, don haka kada ka ninka tsohon adadi da kanka ka ce shi ne na yau.

Mafi inganci duka shi ne mutum mai rai da ke cikin harkar. Matsalar ita ce a wurinmu tambayar mutum albashinsa rashin ta-ido ne, kuma ko ya amsa, wani zai rage don gudun baki, wani zai ƙara don a ga girmansa. To kada ka tambaye shi nasa. Tambaye shi na kujerar. Akantarmu ta tura wa wata da ta girme ta a makaranta, wadda ke aikin kuɗi a Abuja, saƙo kamar haka: "Anti, barka da aiki, ya yara? Don Allah shawara nake nema. Na ga aikin jami'ar kuɗi a wani kamfani matsakaici a nan wajenku, suna neman gogewar shekara 3. A ganinki tsakanin nawa da nawa irin wannan kujera ke kaiwa yanzu, kafin a cire haraji?" Wannan tambaya ba ta taɓa sirrin kowa ba, ta ba da bayanin da ake buƙata, ta kuma rufe ƙofar ruɗanin jimilla da kuɗin hannu. Yi wa mutum uku irinta. Ɗaya zai iya kuskure, amma in uku suka faɗo kusa da juna, ka samu abin riƙewa.

Mu ce Antin ta ce mata tsakanin 400,000 da 450,000. Wani tsohon abokin aikinta ya ce 350,000 ya sani, amma a ƙaramin kamfani ne. Ta kuma ga tallar wani kamfani mai kama da wannan da ta rubuta 400,000 zuwa 500,000. Ta ajiye 350,000 gefe saboda girman kamfanin bai yi daidai ba, ta ga sauran sun taru tsakanin 400,000 da 500,000.

Haɗa biyun ka fitar da abin rubutawa

Yanzu tana da iyakar ƙasa 380,000, da farashin kujera 400,000 zuwa 500,000. Ina za ta tsaya a ciki? Abin da ke yanke wannan shi ne yadda ka cika sharuɗɗan tallar. In da ƙyar ka kai abin da suke nema, tsaya a kashi na ƙasa. In ka cika su daidai, tsakiya. In ka zarce, kamar kana da shaidar ƙwarewar akanta ta ICAN ko ANAN alhali sun ce samunta ƙari ne kawai, ko ka riga ka ƙware a manhajar lissafin da suka ambata, matsa sama. Ita ta cika shekarun daidai, ta iya manhajar, ba ta gama jarrabawar ƙwararru ba. Ta tsaya a 450,000, wanda bayan cirewa zai bar mata kusan 359,700.

In gurbin yana karɓar rubutu, ba da tazara ya fi adadi ɗaya, amma da sharaɗi biyu. Na farko, adadin ƙasa na tazarar ya zama wanda in an ba ka shi za ka karɓa da farin ciki, domin shi kunnen mai ɗaukar aiki ke ji. Kamar a kasuwa ne: in mai kaya ya ce "tsakanin dubu takwas da dubu goma", babu mai sayen da zai miƙa goma. Saboda haka ba za ta fara tazararta daga 380,000 ba, sai daga 420,000, wanda ke barin kusan 337,000 a hannu, ya kuma bar mata wurin sauka kaɗan in an zo ciniki. Na biyu, tazarar ta zama matsattsiya. Wanda ya rubuta 200,000 zuwa 600,000 ya sanar da su bai san komai game da aikin ba. Bambancin kashi 10 zuwa 20 tsakanin ƙasa da sama ya wadatar. Abin da za ta rubuta shi ne:

```
NGN 420,000 - 480,000 gross per month, negotiable depending on benefits
```

Layi ɗaya ne, amma ya faɗi irin kuɗin, ya faɗi jimilla ce, ya faɗi na wata ne, ya kuma nuna akwai wurin magana in suna ba da inshorar lafiya ko wasu alawus.

In gurbin lamba kaɗai yake karɓa, sa adadin da ka tsaya a kai, ba iyakarka ta ƙasa ba: `450000` in na wata ne, `5400000` in na shekara ne. Kada ka sa waƙafi ko alamar naira, wasu fom ɗin suna ƙin karɓa, wasu kuma su yanke lambar. Ƙirga sifilan da yatsa kafin ka danna tura. In akwai wani gurbin ƙarin bayani a ƙasa, ko wasiƙar neman aiki da za ka haɗa, ƙara jimla ɗaya da ke cewa adadin jimilla ce ta wata kuma ana iya tattaunawa. In kuma jerin zaɓi ne aka ba ka, zaɓi rukunin da adadinka ya faɗa ciki. In ya faɗo a kan iyakar rukuni biyu, ɗauki na sama muddin ka cika sharuɗɗan.

Za ka ji masu ba da shawara suna cewa ka sa `0` ko `1` ko jerin lambar tara don ka kauce wa tambayar. Ban goyi bayan wannan ba. Kamfanin da ya tilasta gurbin ya yi ne don ya tace masu nema da shi, kuma in takardu sun yi yawa, jera su ake yi bisa adadi a cire waɗanda suka fita daga kasafi. Sifili zai iya jefa ka waje tare da su, ko a ɗauka ba ka bin umarni. Rubuta `Negotiable` shi kaɗai ya fi wannan dama, kuma yana da wurinsa: in gurbin ba dole ba ne, ko ka yi duk binciken nan ba ka samu komai ba. Amma ka sani jinkirta tambayar kawai ka yi, za ta dawo a waya ko a ganawa, lokacin da ba ka da takarda da biro a gabanka. Don haka ko za ka rubuta shi, yi lissafin ka riƙe.

Inda lissafin ke canzawa

Aikin gwamnati ba a cinikinsa. Albashin yana kan jadawali, irin CONPSS na ma'aikatan tarayya, CONHESS da CONMESS na ɓangaren lafiya, CONUASS na malaman jami'a, kuma mai digiri yakan fara ne a mataki na 08. In fom ɗin hukuma ya tambaya, amsar ita ce `As per approved salary scale`.

Ƙungiyoyin agaji da ke aiki a wurare irin Maiduguri, Damaturu da Sakkwato suna tsakiya. Yawancinsu suna da matakan albashi, kuma kuɗin kujerar an riga an rubuta shi a kasafin da mai ba da tallafi ya amince da shi, don haka wurin motsi kaɗan ne. Nemo matakin a tallar in an rubuta, ka tambayi wanda ya taɓa aiki da su abin da matakin ke kaiwa. Hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ma suna wallafa jadawalin albashin ma'aikatansu na cikin gida ƙasa-ƙasa, kowa na iya dubawa. Abin lura a nan shi ne tsawon kwantiragi. Aikin wata 6 ba daidai yake da na dindindin ba ko da albashin ɗaya ne, domin bayansa za ka iya zama wasu watanni ba ka da komai. In kuma a matsayin mai ba da shawara na wucin gadi za a ɗauke ka, yawanci babu fansho daga mai aiki, babu inshorar lafiya, babu hutu mai albashi. Kashi 10 ɗin nan da kamfani ke zuba wa ma'aikaci a fansho kai za ka nemo wa kanka, don haka adadinka ya kamata ya haura na ma'aikacin dindindin.

Sai gurbin da ke yawan zuwa kusa da wancan: `Current salary`. A nan gaskiya kawai za ka faɗa. Wasu kamfanoni suna neman takardar albashi ta watannin baya kafin su ba da takardar ɗauka, kuma ƙarya a kan kuɗi, musamman ga mai neman aikin kuɗi, tana kashe maganar nan take. Amma faɗi gaskiyar cikakkiya. Akantarmu ba 180,000 za ta rubuta ba, domin wannan kuɗin hannu ne. Za ta duba takardar albashinta ta ɗauko jimillar, ta haɗa da alawus ɗin hutu da albashin wata na 13 in ana ba ta. Kuma kada tazarar da ke tsakanin tsohon albashi da wanda take nema ta ba ta kunya. In an tambaye ta me ya sa take neman kusan ninki biyu, amsarta a shirye take: wancan aikin a Kano yake, wannan a Abuja, wannan kujerar ta ƙunshi rahoton wata da hulɗa da masu binciken kuɗi, kuma abin da ta bincika ya nuna irin kujerar tana tsakanin kaza da kaza.

Akwai kuma halin da ba daɗi: ka gama lissafi ka tarar abin da ake biya bai kai iyakarka ta ƙasa ba. Da a ce duk wanda ta tambaya ya ce mata 300,000 ne, to ba gurbin fom ne matsalarta ba. Ko dai ta sake duba kasafinta da gaske, misali ta zauna da 'yar'uwarta shekarar farko ta cire haya, ta sake lissafin da sabon adadi, ko ta rubuta 380,000 ɗinta ta bar su su yanke, ko ta haƙura da wannan aikin. Na san halin rashin aiki, na san wani lokaci mutum yana karɓar abin da bai kai ba don ya samu shiga, kuma ba na zargin kowa a kan haka. Abin da nake so shi ne in za ka yi, ka yi shi ido buɗe, ka san giɓin nawa ne a wata da inda za ka cike shi.

Kafin ka danna tura, ɗauki hoton shafin da wayarka, ka ajiye shi tare da tallar aikin, domin sau da yawa ana sauke tallar kafin a kira ganawa. Kira zai iya zuwa bayan wata 2, lokacin ka cike wasu fom ɗin da adadi daban-daban, kuma faɗin abin da ya saɓa wa wanda ka rubuta yana rage maka ƙarfi. Adadin fom ba yarjejeniya ba ne. In a ganawa ka gano aikin ya fi yadda aka tallata, kamar za ka riƙa tafiya jihohi ko kula da reshe biyu, kana da damar cewa: "Ranka ya daɗe, adadin da na rubuta na gina shi ne a kan abin da ke cikin tallar. Da wannan ƙarin nauyi, ina ganin kaza ya fi dacewa." In kuma suka kawo tayi, kada ka amsa a waya. Roƙi a turo maka shi a rubuce da rabe-rabensa: tushen albashi, alawus-alawus, abin da za a cire, da abin da zai shiga asusu. Sai ka ɗora layin ƙarshen nan a kan adadin da ka fitar tun farko, ka ga ko ya kai, sannan ka ba da amsa.